Rendar falo tana cin minti 48: wanne zan rage, samfura ko tsallen haske?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina haɗa hoton falo a Blender da Cycles, girman 1920×1080. Taga ɗaya ce babba mai gilashi, bango fari, akwai kafet, kujerun yadi da madubi. Da samfura 4096 renda tana cin minti 48, kuma har yanzu lunguna da yashi-yashi. Na rage zuwa 128 na kunna dinoiza, sai kafet ya koma kamar an shafe shi da mai. Na rage tsallen haske zuwa 2, ɗakin ya yi duhu. Ina zan tsaya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abubuwa ukun nan da kake murɗawa ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa duk wanda ka taɓa sai wani wuri ya ɓaci. Tsallen haske shi ke yanke yawan hasken da ɗakin zai samu. Samfura su ke yanke tsaftar hoton. Dinoiza kuwa ba ta ƙara komai, abin da aka ba ta take gyarawa. Sannan akwai abu na huɗu da ba ka ambata ba, wanda a ganina shi ne ya cinye maka yawancin mintocin nan: hanyar da haske ke bi ya shigo ɗakin. Daga nan zan fara, amma bari mu yi ɗan lissafi tukuna don ka ga dalilin da ya sa ƙara samfura ba zai fisshe ka ba.

Kowane samfuri hanya ɗaya ce da injin ke bi daga kyamara, ta ratsa fiksel ɗaya, ta shiga ɗakin tana neman haske. Launin da ka gani a fiksel ɗin matsakaicin duk hanyoyin ne. Matsalar ita ce yashi ba ya raguwa daidai da yadda kake ƙara samfura. Kafin ka rage shi da rabi sai ka ninka samfura sau huɗu.

```
yashi ∝ 1 / √N
```

Ɗora wannan a kan naka. Minti 48 daƙiƙa 2880 ke nan, a raba da 4096, kowane samfuri, a kan duk fiksel ɗin hoton, na cin kusan daƙiƙa 0.7. Samfura 1024 za su ci kamar minti 12, yashinsu kuma ninki biyu ne kacal na wanda kake gani yanzu. Samfura 512 minti 6, yashi ninki 2.8. Wato minti 36 na ƙarshe, kashi uku cikin huɗu na zaman jiranka, duk abin da suka saya maka shi ne rage yashi da rabi. In kuma ka ce sai ka kawar da na lungunan da ƙarfin tsiya, rabi na gaba zai buƙaci samfura 16384, sama da awa uku. Ba hanya ba ce. Hanyar ita ce a sa kowane samfuri ya dawo da haske mai amfani maimakon ya dawo hannu rabbana.

To, me ke sa samfuri ya dawo ba komai? A hoton waje, duk inda hanya ta bugi ƙasa ta yi sama, sararin samaniya na nan yana jiranta. A cikin ɗaki ba haka ba ne. Hasken duniya gaba ɗaya ta rami ɗaya yake shigowa, tagar nan taka. Duk lokacin da hanya ta sauka a kan bango, Cycles yana harba layin gwaji kai tsaye zuwa wani tushen haske ya ga ko ba abin da ya tare. Idan tushen hasken sama ce ko hoton HDRI da ke kewaye da gidan, yawancin layukan nan silin da bango suke bugawa. Ɗaya cikin da yawa ne ke dacewa da taga, kuma shi ke dawowa da haske mai ƙarfi. Fiksel ɗaya ya dace sau biyar, maƙwabcinsa sau goma sha biyu, bambancin da ke tsakaninsu shi ne yashin da kake gani.

Gilashin tagar ya ƙara dagula lamarin. In ka sa masa `Glass BSDF` zalla, ko `Principled BSDF` da `Transmission` a cike, layin gwajin nan ba ya ratsa shi. A wajen injin, gilashi mai lanƙwasa haske abu ne mai tarewa, don haka duk hasken da ke bayansa sai dai a same shi ta hanyar dace, hanya ta yi tsalle daga bango ta faɗa taga ta ratsa ta fita. Hasken sama mai faɗi yakan samu ta haka, da ƙyar. Fitilar rana kuwa, da yake ƙarama ce ƙwarai a sama, kusan ba a dacewa da ita, in an dace kuma sai ta bar farin ɗigo mai ƙuna a fiksel ɗaya. Ga yadda za ka gane ko wannan ne ciwonka: ɓoye gilashin tagar gaba ɗaya, ka yi renda da samfura 64, ka kwatanta da wadda aka yi da gilashin a kan samfura 64 ɗin. Idan ɗakin ya fi haske kuma ya fi tsafta nesa ba kusa ba, ka kama ɓarawon.

Magani mafi sauƙi shi ne cire gilashin in ba ya nuna komai a hoton. Da yawan hotunan cikin ɗaki da rana ba sa buƙatarsa, ido ba ya neman sa. In kana son ƙyallinsa, zaɓi gilashin, shiga `Object Properties`, ƙarƙashin `Visibility` da `Ray Visibility` ka cire alamar `Shadow`. Ko kuma a cikin kayan shafinsa ka haɗa `Glass BSDF` da `Transparent BSDF` ta `Mix Shader`, ka jona `Is Shadow Ray` na `Light Path` a matsayin abin da ke zaɓa tsakaninsu. Kyamara za ta ga gilashi, layin gwaji kuma zai wuce abinsa. Ni don tagar gida na fi son wanda ya fi wannan ma sauƙi: `Transparent BSDF` da `Glossy BSDF` a gauraya da `Fresnel`. Gilashin taga shimfiɗaɗɗe ne, lanƙwasar da yake yi wa haske ba ta taka kara ta karya ba, don haka ba asarar komai.

Bayan gilashi sai ƙofar haske. Sa fitilar `Area` a bakin tagar, girmanta daidai da ramin tagar, fuskarta tana kallon cikin ɗaki, sannan ka kunna `Portal` a saitinta. Ita ba ta ba da haske ko kaɗan. Aikinta ta nuna wa injin inda sama take leƙowa, layukan gwaji su daina ɓata kansu a silin. Kowane samfuri zai ɗan ƙara nauyi, amma tsaftar da ake samu ta fi ƙarin nauyin a ɗaki mai taga ɗaya irin naka. Abu biyu ka kiyaye. Hasken `World` kaɗai take taimaka wa, ba ruwanta da fitilar `Sun`. Kuma in ka juya fuskarta waje, ko ka yi ta ƙarama ta bar rabin tagar, ribar ta tafi. A wurin da bango uku gilashi ne ba ta da wani amfani, amma wannan ba naka ba ne.

In akwai fitilun cikin ɗaki, duba su su ma. Ƙwan fitila da aka yi da ƙaramin abu mai `Emission` aka rufe shi cikin murfin gilashi, ciwon taga ne sak a ƙaramin jiki. Sa fitilar `Point` mai ɗan faɗin `Radius` a wurin, ka cire wa murfin `Shadow`. Tun daga Blender 3.5 akwai `Light Tree` da ke taimaka wa injin ya zaɓi fitilar da ta fi shafar kowane wuri, in fitilunka suna da yawa ka bar shi a kunne.

Sai bayan an gama wannan ake zuwa ga tsalle, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna ɗaukar sa maɓallin gudu. A hoton cikin ɗaki tsallen `Diffuse` maɓallin haske ne. Lungun da ke bayan kujera, ƙasan tebur, bangon da tagar take jikinsa, duk ba sa ganin sama. Hasken da ya isa gare su sai da ya sauka a daɓe, ya hau silin, ya gangaro bango kafin ya iso. Ka yanke tsalle, ka yanke musu hanya.

Ana iya ƙiyasta abin da aka rasa. A ce matsakaicin abin da fuskokin ɗakin ke mayarwa kashi 70 cikin 100 ne na hasken da ya same su. Bayan kowane tsalle 0.7 na abin da ya gabata ne ke saura. Idan ka tsaya a tsalle n, abin da ka zubar daga jimlar hasken kusan wannan ne:

```
asara ≈ ρ^(n+1)
```

Da ρ a 0.7, tsalle 2 ya zubar da kashi 34 cikin 100. Ga duhun da ka gani nan. Tsalle 4, wanda shi ne `Diffuse` yake zuwa da shi a Cycles, ya zubar da kashi 17. Tsalle 8 kashi 4, tsalle 12 kashi 1. Wannan lissafin rufaffen akwati ne, ɗakin gaskiya yana da taga da haske ke ficewa, da kafet da kujeru masu shanye shi, don haka asarar ba ta kai haka ba. Amma yanayin abin bai canza ba, kuma asarar ba a raba ta daidai: gefen taga kusan bai san an yi ba, lungu mai nisa shi ke ɗaukar nauyin. Shi ya sa ɗakin da aka yanke wa tsalle ba duhu kawai yake yi ba, kusurwoyinsa kan yi dauɗa-dauɗa, inuwa ta yi nauyi, in ka ɗaga `Exposure` don gyarawa sai gefen taga ya ƙone.

Lissafin nan yana nuna wani abu da ya fi muhimmanci. Launin bangonka yana da hannu a yawan tsallen da kake buƙata. `Principled BSDF` yana zuwa da `Base Color` a 0.8, wasu kuma sai su ja shi har 1.0 don suna son bango fari fat. Bangon da ke mayar da duk hasken da ya same shi babu shi a duniya, kuma a renda yana sa haske ya yi ta yawo ba ya mutuwa. Da ρ a 0.8, tsalle 4 ya bar kashi 33 a baya, tsalle 8 ma ya bar 13. Da ρ a 0.5, tsalle 4 kashi 3 kacal ya bari. Don haka ɗaki mai bangon katako ko fenti mai duhu tsalle 4 ya ishe shi, farin falo irin naka yana son 6 zuwa 8. Riƙe farin bango da silin tsakanin 0.7 da 0.8. A hoton zai fito fari, domin ido da abin da ke kusa yake auna fari.

Kada ka ji tsoron cewa tsalle 8 zai ninka lokacin tsalle 4. Cycles yana kashe hanyoyin da suka yi rauni tun kafin su kai iyakar da ka sa, ta hanyar ƙuri'a, ya ƙara wa waɗanda suka tsira nauyi don lissafi ya daidaita. Hanyoyi kaɗan ne ke kaiwa tsalle na bakwai ko na takwas. Akwai ƙarin lokaci, musamman a farin ɗaki inda hanyoyi ke daɗewa da rai, amma auna shi da kanka: renda biyu a kan samfura 64, ɗaya da `Diffuse` 4 ɗaya da 8, a ramukan `Slot` daban, ka riƙa danna J kana sauyawa tsakaninsu. Kalli lungu mafi duhu. Ƙara tsalle har sai ka daina ganin lungun yana ƙara haske, sannan ka tsaya. Ka tuna `Total` shi ne rufin duka, banda `Transparent`, in yana kan 4 to `Diffuse` 8 suna ne kawai.

Sauran tsallen ba sai an daɗe a kansu ba. `Glossy` 4 ya isa ɗaki mai madubi ɗaya, sai in madubai biyu na kallon juna za ka ga baƙi a can ciki ka ƙara. `Transmission` ana ƙirga shi da fuskokin gilashi: falle ɗaya mai kauri fuska biyu, kofin gilashi da aka kalla ta gefe fuska huɗu, in kofin na kan teburin gilashi ka ƙara biyu. Alamar ya gaza ita ce baƙin tabo a cikin gilashin. Rage shi ba ya saya maka lokacin kirki in gilashin kaɗan ne a hoton, don haka ka bar shi a 8 ko 12. `Transparent` kuma na labule mai shara-shara ne da ganyen tsiro da aka yanka da `Alpha`. Labule mai ninki da yawa yana iya cinye 8 ɗin da aka ba shi ya koma baƙi a inda ninkin ya taru, sai ka ɗaga zuwa 16.

A wannan ɓangaren na `Light Paths` akwai wasu biyu da suka shafi fararen ɗigo. Cire alamar `Reflective` da `Refractive` a ƙarƙashin `Caustics`, muddin ka riga ka gyara gilashin taga. In ba ka gyara ba ka kashe `Refractive`, ɗakin zai faɗa duhu, domin ta nan kaɗai haske ke shigowa. Abin da za ka rasa shi ne hasken da madubi ko daɓe mai sheƙi ke watsawa bango, ka duba ko hoton yana buƙatarsa. Na biyu `Clamp`. `Indirect Light` yana zuwa a 10, `Direct Light` a 0, wato a kashe. Bar na biyun a kashe. Na farkon kana iya sauke shi zuwa 5 ko 3 in fararen ɗigo sun ƙi tafiya, amma ka san abin da kake yi: kana yanke kan duk samfurin da ya zo da haske mai ƙarfi, kuma a ɗakin da tabon rana a daɓe ke haskaka silin, waɗannan samfuran su ne hasken. In ka sauke shi ka ga silin ya dushe, ka wuce gona da iri. Lambar kuma da ƙarfin fitilunka take aiki, ba da abin da ke fitowa a allo ba, don haka 10 a fayil ɗin wani ba 10 ba ce a naka.

Yanzu dinoiza, da dalilin da kafet ɗinka ya narke. Dinoiza tana kallon hoto mai yashi ta yi hasashen abin da ke ƙarƙashin yashin. A bango mai santsi hasashen ba wuya, duk wani ɗigo yashi ne, a goge shi. A kafet da yadin kujera kuwa, saƙar kanta ɗige-ɗige ce mai girman fiksel ɗaya ko biyu, daidai girman yashin. In yashin ya fi saƙar ƙarfi, ba ta da yadda za ta raba su, sai ta share duka. A kan samfura 128, da gilashi yana tare haske, yashinka ya ninka na 4096 fiye da sau biyar da rabi. Ba laifinta ba ne.

Abin da ke taimaka mata shi ne hotuna biyu na jagora da Cycles ke fitarwa tare da rendar: ɗaya na launin kowane abu ba tare da haske ba, ɗaya na inda kowace fuska take kallo. Waɗannan suna tsabtacewa da wuri, domin ba sa jiran haske. Zanen katako da launin zaren kafet suna cikin na farko, ƙananan tudu da kwari na `Bump` da `Normal Map` suna cikin na biyu. Don haka a `Denoise` ka zaɓi `OpenImageDenoise`, `Passes` a `Albedo and Normal`, `Prefilter` a `Accurate`. Don hoton ƙarshe na fi amincewa da ita a kan `OptiX`, wadda nake bari don dubawa cikin sauri. Tun Blender 4.1 ma `OpenImageDenoise` tana iya aiki a kan GPU, don haka hujjar jinkiri ta ragu sosai.

Daga nan za ka iya sanin inda za ta gaza tun kafin ta gaza. Duk abin da ba ya cikin hotunan jagora, daga hoton mai yashi kaɗai take ciro shi. Inuwa mai laushi a ƙarƙashin kujera, layin duhu inda bango ya haɗu da silin, hoton taga a kan daɓe mai ɗan sheƙi, abin da ke bayan gilashi mai hazo, kafet da aka yi da gashi na gaske wanda siraransa sun fi fiksel ƙanƙanta. A waɗannan wuraren kake auna ko samfura sun isa, ba a tsakiyar bango ba. Alamun ƙarancin samfura bayan gogewa iri biyu ne. Na farko narkewa, wadda ka riga ka gani. Na biyu ya fi ɓoyuwa: gajimare-gajimare a kan farin bango, tabo masu faɗi, wani ya ɗan fi wani haske. Ba a ganin su in ka kusanto da hoton, sai ka ja baya ka ƙanƙantar da shi. Idan ka canza `Seed` ka sake renda tabon suka sauya wuri, na yashi ne, ba inuwar gaskiya ba.

To nawa ne samfuran? Ba lamba ɗaya ba ce, kuma ba sai ka yi hasashe ba. Cycles yana da `Noise Threshold`, wanda ke sa kowane yanki ya daina karɓar samfura da zarar ya kai tsaftar da ka nema. Tun Blender 3.0 yana zuwa a 0.01 tare da `Max Samples` 4096. An tsara wannan don ya dace da kowane irin hoto, kuma a ɗaki mai wuyar haske yawancin fiksel ba sa kai 0.01 da wuri, shi ya sa ka sha kusan 4096 ɗin cif. Tunda dinoiza za ta bi baya, ba ka buƙatar wannan tsaftar. Fara da 0.03. Amma ka sa `Min Samples` da hannunka, kamar 64. Dalili: a lungu mai duhu, samfura ashirin na farko suna iya dawowa duk da duhu iri ɗaya, injin ya ɗauka wurin ya daidaita ya bar shi, alhali hanyar da ke kawo haske ba ta riga ta faɗo ba. Wannan na daga cikin masu haifar da gajimaren da na ambata. `Max Samples` kuma ya zama birki, don kada 'yan fiksel masu taurin kai a gefen gilashi su riƙe ka.

Ga yadda zan bi da falonka da a gabana yake. Bayan gyaran taga da ƙofar haske da launin bango, zan shiga kallon kyamara in ja `Render Region` da Ctrl+B a kan yanki ɗaya da ya haɗa abubuwa masu wuya: gefen kafet, ƙafar kujera da inuwarta, da ɗan farin bangon lungu. Kada ka rage girman hoton don gwaji, domin dinoiza da girman fiksel take aiki, abin da ya yi kyau a rabin girma ba shi za ka samu a cikakke ba. Yanki ƙarami a cikakken girma, shi ne gwaji. Zan yi shi a 256, 512 da 1024, kowanne a `Slot` nasa, dinoiza a kunne. Sai in riƙa sauyawa tsakanin biyu-biyu. In 256 da 512 sun bambanta, saƙar kafet ta ƙara fitowa, to 256 bai isa ba. In 512 da 1024 ba ka iya raba su a girman da za a kalli hoton, 512 ne naka. Saitin da zan fara da shi ke nan:

```python
import bpy
c = bpy.context.scene.cycles
c.samples = 512
c.adaptive_threshold = 0.03
c.adaptive_min_samples = 64
c.max_bounces = 12
c.diffuse_bounces = 8
c.glossy_bounces = 4
c.sample_clamp_indirect = 10
c.caustics_reflective = False
c.caustics_refractive = False
```

Da kuɗin samfurinka na daƙiƙa 0.7, 512 minti 6 ne. Ƙofar haske da ƙarin tsalle za su ɗan ɗaga kuɗin kowane samfuri, `Noise Threshold` kuma zai sauke jimlar tunda gefen taga zai gama da wuri. Ko da kuɗin ya ƙaru da rabi, minti 9 ke nan, ba 48 ba. Ainihin lambar injinka ne zai faɗa maka.

In kafet ya ci gaba da yin laushi fiye da yadda kake so, akwai dabaru biyu kafin ka koma ninka samfura. Ta farko, kashe `Denoise` na renda, ka kunna `Denoising Data` a `View Layer`, ka yi gogewar a `Compositor` da `Denoise` node, kana jona masa `Denoising Normal` da `Denoising Albedo`. Sannan ka gauraya gogaggen hoton da na asali ta `Mix`, kamar kashi 80 gogagge, 20 mai yashi. Ɗan yashin da ya dawo yana mayar wa yadi da kamanninsa, ido kuma ya fi yarda da shi fiye da santsin roba. Amfaninta na biyu shi ne kana iya sauya gaurayin ba tare da sake renda ba, musamman in ka ajiye a `OpenEXR MultiLayer`. Ta biyu, ninka girman hoton zuwa 3840×2160 ka raba samfura huɗu. Fiksel sun ninka huɗu, samfura sun koma kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin kusan ɗaya ne. Amma yanzu zaren kafet da ke cin fiksel ɗaya yana cin huɗu, hotunan jagora sun fi bayyana shi, dinoiza ta fi gane shi. Ka goge a babban girman sannan ka ƙanƙantar zuwa 1920×1080. Farashinsa ƙarin wuri ne a ƙwaƙwalwar katin hoto, in fayil ɗinka ya riga ya cika ta, dabarar ba taka ba ce.

Akwai ɗakin da duk wannan ba zai gama da shi ba: wanda haske ke shigowa ta ƙofar wani ɗaki, ko ta bayan labule mai kauri, ko rana ta faɗi a ɗan wuri a daɓe daga nan ta haskaka komai. Don irinsa aka kawo `Path Guiding` a Blender 3.4, wanda ke koyon inda haske ke fitowa yayin renda ya karkata hanyoyi can. A kan CPU yake aiki, don haka mai GPU mai ƙarfi sai ya gwada ya gani ko tsaftar ta biya jinkirin. Sau da yawa abin da masu aiki ke yi ya fi sauƙi, su sa fitilar `Area` mai faɗi da rauni a bakin ƙofar ko a gaban labulen, a ɓoye ta daga kyamara, ta tsaya a madadin hasken da injin ke wahalar nema. `Fast GI Approximation` ma yana rage lokaci sosai, amma yana maye gurbin tsalle masu nisa da ƙiyasi, launin da kafet ke watsawa bango yakan ragu. Ina amfani da shi wajen nuna wa mai aiki zubin farko, ba hoton da za a miƙa ba.

In daga baya za ka mayar da falon bidiyo, kada ka ɗauki lambar da ta yi maka aiki a hoto ɗaya kai tsaye. Dinoiza tana goge kowane firam shi kaɗai, gajimaren da ba a gani a hoto tsayayye sai ya riƙa rawa a bango da zarar kyamara ta motsa. Yi gwajin firam goma zuwa ashirin a jere a kan yankin nan na Ctrl+B, ka sauke `Noise Threshold` zuwa 0.02 ko ƙasa, ka ɗaga `Min Samples`, sannan ka kunna `Persistent Data` a `Performance` don kada injin ya sake loda ɗakin daga farko a kowane firam.